Ajin Yara 90: Me Ya Sa Bulala Ba Ta Kawo Shiru?

A makarantun firamaren gwamnati da ke unguwannin kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wato babbar kasuwar Kaduna, ƙorafin malamai kusan ɗaya ne: aji ya cika, yara ba sa jin magana. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Amma da gwamnatin Nasir El-Rufai ta fara ciyar da ɗalibai a 2016, yara suka yi ta tururuwa, ginin azuzuwa kuwa bai bi sahu ba. A 2017 kuma aka sanar cewa malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka maye gurbinsu da sababbi.

Malamin da aji ya fi ƙarfinsa yakan jira a yi laifi sannan ya hukunta. A ɗauki misalin aji mai yara 90 da darasi na minti 35. Kiran suna ɗaya bayan ɗaya zai ci minti bakwai. Yaran da suka makara saboda aike ko kai kaya rumfar iyayensu za a tsayar da su a yi musu bulala, minti biyar sun tafi. Kafin malam ya juyo, 'yan baya sun kaure da surutu. Sama da kashi ɗaya cikin uku na darasi ya salwanta, wanda aka doka kuma gobe yana iya zarcewa kasuwa. Alamar cewa horon ya gaza a fili take: yaran da aka doka jiya su ne ake sake duka yau.

Binciken da Jacob Kounin ya wallafa a Amurka a 1970 ya nuna cewa malaman da ajinsu ke natsuwa ba tsawa suka fi iyawa ba, sun fi iya toshe ƙofar rikici tun kafin ya taso. A wannan aji, hakan na nufin a kasa yara gida tara, goma-goma, kowane rukuni da monita da zai faɗi wanda bai zo ba. A rubuta aiki a allo kafin su zauna, domin hannun da ke rubutu ba ya tsokana. A bar hanya a tsakiya don malam ya riƙa kaiwa bayan aji, a ware wa makararru wuri kusa da ƙofa su zauna shiru, a yi maganarsu lokacin tara.

Wannan tsari yana da iyaka. Yana bukatar makonnin farko na zango kafin ya zauna, monita na iya zama azzalumi idan ba a sauya shi, kuma malami ɗaya ba zai duba littattafai 90 kullum ba. Tsari zai ceto mintunan darasi, amma rage cunkoso aikin hukumar SUBEB ne: ƙarin azuzuwa, benci da malamai.