Sanar da Ma'aikata Sabuwar Manhaja: Wa Zai Yi Me, Kuma Yaushe

Sanarwar sabuwar manhaja a wurin aiki takarda ce ta rabon aiki. Abin da ma'aikaci ke nema a cikinta shi ne abin da zai canza a aikinsa, da abin da aka ɗora masa, da ranar da ake son ya gama. Bayanin kyawun manhajar layi biyu ya ishe shi.

A ɗauki misalin ƙungiyar manoma mai ma'aikata takwas da ke shiga ƙauyuka suna rajistar mambobi a takarda, wadda ta yanke shawarar komawa KoboToolbox kafin damina. Wannan manhaja ce ta tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji ke yawan amfani da ita. Ana tsara fom a kwamfuta, ma'aikata su sauke shi a waya ta KoboCollect, su cika ko da babu intanet, su tura idan sun samu sabis. Sanarwar za ta fara da dalili a taƙaice: takardu na jiƙewa ko su ɓace, kwafe su cikin kwamfuta kuma na cin lokaci. Daga nan sai ranar da za a daina karɓar takarda, misali Litinin 18 ga Mayu.

Wannan rana ita ce ƙashin bayan sanarwar, daga ita ake lissafo sauran ranakun a dawo baya, domin ayyukan sarƙe suke da juna. Ba a horar da mutane a kan fom ɗin da ba a gama ba, ba a kuma sauke fom sai mutum yana da izinin shiga. Don haka jami'in bayanai ne zai fara: ya gama tsara fom ya sake shi ranar Laraba 6 ga Mayu, washegari ya ba kowane ma'aikaci izinin tura bayanai. Akawu zai sayi data ya raba ranar Juma'a 8 ga wata kafin a tafi masallaci. Kowane ma'aikaci zai sauke manhajar, ya cika fom ɗaya na gwaji ya tura kafin ƙarfe 4 na yammacin Litinin 11 ga wata. Shugabar ma'aikatan fili kuma ita ke da horon ranar Laraba 13.

Gaban kowane aiki sunan mutum ɗaya ake rubutawa. Idan aka ce "sashen bayanai zai kula da wannan", kowa zai zaci ɗan'uwansa ya yi. Haka ma wa'adi: "nan ba da jimawa ba" ko "ƙarshen mako" ba rana ba ce, don wani Juma'a yake nufi, wani Lahadi. Ana rubuta rana da kwanan wata, da ƙarfe nawa idan wani na jiran aikin.

Fom ɗin gwajin nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin shi ne shaidar da ake gani da ido. A zauren WhatsApp na ofis kowa kan amsa da "an gani" ko "to, ranka ya daɗe", amma wannan bai nuna manhajar ta hau wayarsa ba. Jami'in bayanai kuwa yana buɗe shafinsa ranar Litinin da yamma zai ƙirga: in ya ga shida maimakon takwas, ya san mutum biyun da zai kira. Sau da yawa matsalar ba ta ƙin aiki ba ce. Wayar wani ta cika ba wurin saka komai, wata kuma iPhone take riƙewa, alhali KoboCollect a Android kawai take aiki, sai dai a ba ta fom ɗin da ake buɗewa ta burauza. Gara a gano wannan a ofis da a gano shi a ƙauye, manoma na zaune a gindin bishiya suna jira.

Akwai wani kuskuren da ke biyo bayan horo. A nan ne ma'aikata kan nuna cewa an manta sunan wata gunduma ko wata tambaya ba ta fita da kyau ba. Jami'in bayanai zai gyara ya sake sakin fom ɗin, amma wayar da ba ta sauke sabon ba tana iya ci gaba da tsohon. Saboda haka sanarwa mai kyau tana ware rana guda, a nan Juma'a 15 ga wata, da kowa zai sabunta fom, bayanta kuma ba a ƙara taɓa shi.

Ya kamata sanarwar ta faɗi makomar tsofaffin takardu, wa zai shigar da su kuma zuwa yaushe, da sunan wanda za a kira idan abu ya cije. A rubuce ake aika ta, a kafe ta a saman zauren, sannan a karanta ta a taron safiyar Litinin 4 ga Mayu, kowa ya maimaita aikinsa da ranarsa da bakinsa.