Abin da hoton sarƙar gwal ke iya faɗa miki kafin ki tura kuɗi

Cinikin gwal da yawa yanzu ta waya ake ƙulla shi. Dillaliya ta ɗora hoton sarƙa da ɗan kunne, ta rubuta cewa ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya, mai haɗa lefe ko mai son adana kuɗinta ta gani ta yi sha'awa. Abin da ya kamata mai saye ta riƙe shi ne, hoto yana iya tona asirin jabu, amma ba ya iya tabbatar da cewa gwal na gaske ne. Aikinsa ya taimaka miki ki tsame marar kyau tun daga nesa, wanda ya tsallake kuma sai a kai shi gaban maƙerin zinare.

Farkon abin da za ki nema shi ne hoton hatimi, wato ƴan lambobin nan da ake bugawa a cikin zobe, ko bayan ɗan kunne, ko kan ƙaramin falle kusa da maƙullin sarƙa. Lambar tana nuna yawan tsantsar zinare ne a cikin kashi dubu. 999 shi ne karat 24, 916 karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 kuma karat 14. Yawancin gwal ɗin da ake shigowa da shi daga Saudiyya karat 21 ne ko 18. Idan aka ce sarƙa giram 20 ce kuma 875 ce, to zinaren cikinta giram 17.5 ne, sauran kuma jan ƙarfe ne da azurfa da aka gauraya don ta yi ƙwari.

Lamba da karat dole su yi daidai. In kin ga 21K a gefe guda, 750 a ɗaya gefen, akwai magana. In kin ga 925, wannan lambar azurfa ce, komai rawayar kayan, ruwan zinare aka yi masa. Sai kuma haruffan da ke biye da lamba, waɗanda mutane da yawa ba sa kula da su: GP, GEP, HGE, RGP da GF duk suna nufin wani ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe shi da zinare. Wanda ya buga 18K GP bai yi ƙarya ba, ya faɗi gaskiyar kayansa. Ƙaryar tana bakin wanda ya karanta miki 18K ya haɗiye sauran.

Wasu ƙasashe suna da ƙarin alama. Gwal ɗin Italiya yana zuwa da ɗan tauraro, da lambar masana'anta, da haruffa biyu na lardin da aka ƙera shi, misali AR na Arezzo ko VI na Vicenza, don haka kalmar ITALY ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Indiya kuma tun 2021 ta ƙara wata lamba mai gurbi shida, haruffa da alƙaluma a gauraye, da ake kira HUID, wadda ake iya bincikawa a manhajar BIS Care. Duk da haka kada hatimi ya kwantar miki da hankali sosai, domin ƙarfen buga 750 abu ne mai arha da kowa zai iya saya. Ki dai dubi yadda ya fito. Wanda aka buga ko aka zana da na'ura bakinsa a tsaye yake, tsaf. Wanda aka kwafo daga jikin wata sarƙa aka zuba a mazubi yakan fito a dagule, gefunansa sun yi laushi, ramin lambobin ya cike.

Launi ya fi hatimi wuyar ɓoyewa, musamman a kayan da aka taɓa sawa. Gwal na gaske launinsa ɗaya ne daga waje har ciki, ko ya goge zai yi dishi-dishi ne kawai, rawayar tana nan. Ruwan zinare kuwa sirantarsa ta wuce misali, sau da yawa bai fi maikiron ɗaya ko biyu ba, alhali gashin kai yana kai maikiron 70. Saboda haka wuraren da ke shan guga su ke fara koɗewa: ƙasan zobe ta wajen tafin hannu, gefen awarwaro, sandar ɗan kunne, da inda ƙwayoyin sarƙa ke cuɗanya da juna. Ki buɗa hoton a waɗannan wurare. Ja-ja yana nuna jan ƙarfe ya leƙo, fari-fari farin ƙarfe ne ko azurfa, kore-kore a cikin lungu kuma tsatsar tagulla ce da gumi ya haifar. Ɓarewa kamar ɓawo ba halin gwal ba ne sam.

Sai dai a yi adalci. Baƙin da ke maƙale a lungun ado sau da yawa dauɗar mai ce da sabulu. Farin gwal na gaske ma yakan koma rawaya-rawaya idan rufin da aka yi masa ya goge. Sannan fitilar shago da gyaran hoto suna canza launi yadda suka ga dama, shi ya sa nake ganin rashin hikima ne a yanke hukunci da cewa wannan ya cika rawaya. Ki ce a ɗora kayan kan farar takarda, a ɗauka da hasken rana, ba tare da walƙiyar waya ba.

Maƙulli shi ne wurin da na fi so a tsaya, domin nan mai jabu ke yin rowar aiki. Ki dubi ɗan zoben da ya haɗa maƙulli da jikin sarƙa. A sarƙa mai nauyi ta gaske akan like bakinsa da wuta, don ba wanda zai bar dukiya irin wannan a rataye da zoben da za a iya buɗewa da farce. In kin ga tsaga a jikinsa, ko dai kayan mai arha ne, ko an canza maƙullin. Ki kuma dubi ɗan harshen da ake dannawa da babban yatsa, shi ne ya fi ko'ina shan taɓi, shi ke fara nuna farin ƙarfe.

A ce an turo miki sarƙa mai kauri, an ce karat 21 ce, giram 12. Hatimin maƙulli ya fito tsaf, 750. Tun nan magana ta saɓa, domin 875 ya kamata a gani. Kin ƙara duba, maƙullin ya fi jikin sarƙar haske kaɗan, zoben da ya haɗa su a buɗe yake, tsakanin ƙwayoyi kuma akwai ja-ja. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an ɗauko maƙullin gwal na karat 18 an ɗaura wa sarƙar tagulla, don hatimin ya ruɗi mai dubawa. Nauyi ma yana ba da shaida: tagulla ba ta wuce kusan rabin nauyin gwal karat 21 mai girmanta ba, don haka in ƴar'uwarta ta gaske tana kai giram 23 ko 24, wannan 12 ɗin abin tambaya ne. Akwai dai sarƙoƙin gwal masu rami a ciki waɗanda ba su da nauyi, sai ki tambaya ko irinsu ce, ki kuma nemi hotonta a kan sikeli.

In hotuna sun yi kyau, sauran aiki na hannu ne. Mayen ƙarfe ba ya jan gwal, amma ba ya jan tagulla ma, kuma yakan ɗan ja maƙullin gaske saboda ƴar wayar ƙarfen da ke cikinsa. Maƙeri zai goga kayan a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji, kuma ki ce ya gwada jikin sarƙar daban, maƙulli daban. Ki yi sharaɗi da mai sayarwa tun kafin biya cewa in gwaji ya saɓa za a mayar da kuɗi, a kuma rubuta karat da giram a rasit.