Wasiƙar ɗan wasan da aka ɗora wa laifin maguɗi bisa kuskure

A watan Oktoban 2023, wasu masu buga wasan kwamfuta na Counter-Strike 2 suka wayi gari da jan rubutu a shafinsu na Steam, alamar cewa VAC, mai gadin da kamfanin Valve ya ɗora don kama masu maguɗi, ya sa musu takunkumi. Ba su yi maguɗi ba. Abin da suka yi kawai shi ne sabunta manhajar katin hotonsu na kamfanin AMD zuwa fitowa mai lamba 23.10.1, suka kunna wani sabon tsari mai suna Anti-Lag+ wanda aka yi don rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da abin da ke bayyana a allo. Matsalar ita ce tsarin yana kutsawa cikin fayilolin wasan yana karkatar da aikinsu, kuma haka manhajojin maguɗi suke yi. Mai gadin bai iya bambance su ba.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Takunkumin VAC na dindindin ne, kowa na iya ganinsa a shafin mutum, kuma kayan wasan da ya saya da kuɗinsa ba zai iya musayarsu ba.

Wanda aka yi wa haka, abin da ke fara zuwa bakinsa rantsuwa ce da zagi. Sai dai ma'aikacin da zai karanta wasiƙar ya saba da wannan, domin masu maguɗin ma suna rantsuwa, wani lokaci har su fi mai gaskiya kuka. Ba shi da hanyar auna gaskiyar rantsuwa, amma yana da hanyar bincika kwanan wata, lambar manhaja da sunan na'ura. Don haka wasiƙar da ke da amfani ta fi kama da rahoton matsala da ake kai wa injiniya.

A ɗauki mai irin wannan matsala ta AMD. Zai fara da sunan asusunsa da lambarsa ta Steam mai alƙaluma 17, sannan ranar da ya ga takunkumin da ainihin saƙon da ya fito, haɗe da hoton allo. Daga nan sai muhimmin sashe: duk abin da ya canza a kwamfutarsa kafin ranar. Zai rubuta cewa katinsa na jerin Radeon RX 7000 ne, ya sa fitowar 23.10.1 a rana kaza, ya kunna Anti-Lag+, ya buga wasa. Idan ya buga `dxdiag` a Windows, zai ga bayanan na'urarsa da lambar manhajar katin, sai ya adana su a fayil ya liƙa shi.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna duba abin da suka yi jiya kaɗai. VAC yakan jinkirta hukunci da kwanaki ko makonni da gangan, don kada masu ƙera manhajojin maguɗi su gane abin da ya tona musu asiri. Saboda haka lissafin ya kamata ya koma baya sosai, ya haɗa da manhajar naɗar allo, da ta riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da duk wata kwamfutar da aka shiga asusun daga cikinta, ko ta shagon wasa ce. Ɓoye wani abu don yana da kunya ba dabara ba ce, domin idan bayanan kamfanin suka nuna shi, sauran maganar ta zube. Haka kuma cewa ƙane ko aboki ne ya yi amfani da asusun ba ya wanke kowa: a ƙa'idar Steam, mai asusu ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka yi da shi.

Ƙarshen wasiƙar buƙata ɗaya ce, a sake duba shaidar. Ba a barazanar kai ƙara, ba a aika wasiƙa goma, kuma ba a ba kowa kalmar sirri, musamman masu alkawarin cire takunkumi don kuɗi, waɗanda 'yan damfara ne.

Dole ne kuma a faɗi iyakar abin. Valve ya bayyana cewa ma'aikatan tallafinsa ba sa cire takunkumin VAC, kuma ba ya faɗin manhajar da aka kama. Idan bincike ya nuna kuskure ne, takunkumin yakan ɗauke da kansa. Wannan tsari yana da tsauri a kan mai gaskiya, domin ana tuhumarsa da abin da ba a nuna masa ba. Amfanin wasiƙarsa shi ne ta haɗu da na wasu. Idan rahotanni da dama suka ambaci kati iri ɗaya da lamba ɗaya, injiniya ya san inda zai duba. A rikicin 2023, Valve ya gargaɗi masu katin AMD kada su kunna Anti-Lag+, AMD ya janye fitowar ya kawo 23.10.2 wadda ta kashe tsarin, sannan Valve ya gano waɗanda abin ya shafa ya cire musu takunkumin a cikin watan.