Yadda Ake Rage wa Wasan Waya Nauyi Don Ya Sauka Ko Da Sabis Ba Ƙarfi

A layin da ke ba da megabit ɗaya a daƙiƙa, kowane megabait guda yana cin daƙiƙa takwas kafin ya shigo waya. Wasa mai nauyin megabait 300 zai ɗauki minti 40 ke nan, muddin sabis bai yanke ba. Mai nauyin 60 kuwa, minti takwas ya ishe shi. A 2017 ma'aikatan Google Play sun fitar da wani ƙiyasi da masu haɗa wasanni ke yawan ambata: duk ƙarin megabait 6 a kan manhaja yana rage kusan kashi 1 cikin 100 na masu kammala sauke ta.

Mutane da yawa na zaton lambobin shirin kwamfuta ne ke kumbura wasa. A mafi yawan wasanni, hotuna ne ke da kaso mafi tsoka: fatar da ake lulluɓa wa mota, bango, ƙasa da rigar jarumi. Wanda ke aiki da injin Unity yana iya gani da idonsa, domin bayan an haɗa wasan, fayil ɗin Editor.log yana jero kayan da suka shiga, daga mafi nauyi zuwa ƙasa.

A ɗauki hoton bango mai fiksel 2048 a tsaye, 2048 a kwance. Wataƙila mai zane ya miƙo shi a matsayin PNG ɗan ƙarami, amma wannan ƙanƙantar ruɗi ce, don injin yana juya shi zuwa tsarin da wayar za ta iya nunawa kai tsaye. In ba a matse shi ba, kowane fiksel yana cin bait huɗu, hoton ya tashi megabait 16. Ashirin irinsa sun kai 320. To, bangon da ɗan wasa ke hangowa daga nesa a allon inci shida ba ya bukatar wannan tsabar kyau. Da zarar an mayar da shi 1024 kowane gefe, nauyin ya koma rubu'i, wato megabait 4. In aka ƙara matse shi da tsarin ASTC a ma'aunin 6x6, wanda ke adana fiksel 36 cikin bait 16 kacal, sai ya dawo ƙasa da rabin megabait. Hotuna ashirin ɗin nan yanzu ba su cika megabait 10 ba. Ragin da za a gani wajen saukewa ba zai kai haka cif ba, tunda ƙunshin wasan ma ana matse shi kafin a tura, shi ya sa adadin da Play Console ya nuna ne abin dogaro.

Matsi yana da iyaka, kuma ido ne alƙali. In an wuce gona da iri, sararin sama kan fito da ratsi-ratsi, rubutun maɓallai ya dushe, gefen fuska ya yi dabbare-dabbare. Saboda haka gwanaye kan matse ƙasa da duwatsu ba tausayi, su sassauta wa rubutu da fuskar jarumi. Akwai kuma tarkon da ke kama sababbin hannu: a Unity, tsarin ETC2 yana bukatar tsawo da faɗin hoto su rabu da huɗu ba saura. Hoto mai faɗin 1023 zai iya shigewa ba a matse ba, kuma alamar ita ce a gan shi can saman jerin masu nauyi alhali ƙarami ne.

Sauti ya fi sauƙin sha'ani. Minti ɗaya na kiɗa a WAV mai ingancin faifan CD ya kai kusan megabait 10, amma da Vorbis a kilobit 96 bai cika megabait ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne kada a tura wa waya abin da ba nata ba. Tun Agustan 2021 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin Android App Bundle, wanda ke ba kowace waya kason da ya dace da firosesarta, allonta da harshenta. Ta Play Asset Delivery kuma, ana iya sa matakan farko kaɗai cikin saukewar farko, saura su biyo baya lokacin da aka bukace su.

A nan ne wasu kamfanoni ke yin wayo maras amfani. Shago ya nuna megabait 50, mutum ya sauke da murna, yana buɗewa wasan ya nemi ƙarin gigabait guda kafin a taɓa komai. Ga mai sayen data ta kwana ɗaya, wannan ɓoye nauyi ne kawai. Tsarin da ya fi adalci shi ne a rarraba matakan ƙanana-ƙanana, a fara jawo mataki na huɗu yayin da ake buga na uku, a nuna wa ɗan wasa girman abin kafin a taɓa datarsa, sannan in sabis ya yanke a megabait 18 cikin 20, saukewar ta ɗora daga na 18.