Damina Ta Fi Yadda Aka Saba: Wace Shekara Talatin Ake Nufi?

Kowace shekara, tun kafin hadari ya fara haɗuwa, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina. Haka ma masanan da ke taruwa ƙarƙashin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai sukan fitar da nasu na ƙasashen Sahel. A rediyo sai a ji an ce ruwan bana zai zarce yadda aka saba a wani yanki, a wani kuma zai gaza. Dattijon da ya yi noma tun kafin farin 1973 yana da abin da shi ya saba da shi, jikansa ma yana da nasa, kuma biyun ba ɗaya ba ne. A wurin masana yanayi kuwa, "yadda aka saba" lamba ce da aka yi lissafinta: matsakaicin abin da aka auna a tasha guda cikin shekara talatin a jere. Duk wata magana ta ƙaruwa ko raguwa a kan wannan lamba take tsaye.

Aikin yana farawa ne a wani fili da aka kewaye da waya, sau da yawa a gefen filin jirgin sama. A tsakiyarsa akwai ma'aunin ruwan sama, gwangwani ne mai mazurari a baki. Kowace safiya, a ƙayyadadden lokaci, ma'aikaci yakan juye ruwan da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya karanta, ya rubuta a littafi. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa ta sauka a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Kusa da wurin akwai farin akwatin katako a kan dogayen ƙafafu, jikinsa duk tsaga-tsaga domin iska ta ratsa amma rana kada ta taɓa abin da ke ciki. Nan ma'aunan zafi suke, ɗaya yana riƙe zafi mafi tsanani na ranar, ɗaya kuma mafi ƙanƙanta. A ƙasashe da yawa haɗa biyun ake yi a raba biyu, a ce shi ne matsakaicin zafin ranar. Yau na'urori masu aika bayani da kansu sun karɓi aikin a tashoshi da dama, amma ƙa'idar ba ta sauya ba.

Daga ranaku ake zuwa wata. Ruwa tara shi ake yi, a haɗa na kwanakin watan gaba ɗaya. Zafi kuwa matsakaicin kwanakin ake ɗauka. Sannan a jera wata guda na shekara talatin, a ce Agusta talatin daga 1991 zuwa 2020.

A ɗauki misali da wata tasha ta ƙiyasi. A ce an haɗa ruwan Agusta talatin ɗin, ya ba da milimita 8,400. A raba da 30, an sami 280. Wannan shi ne matsakaicin Agusta na tashar. Idan Agustan bana ya kawo milimita 350, sai a ce ya ɗara da 70, wato kashi 125 cikin ɗari na abin da aka saba. Haka za a yi wa sauran watanni goma sha ɗaya, a haɗa matsakaitan wata-wata a sami na shekara. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Wahalar tana wajen samun talatin ɗin cikakku.

Ma'aikaci yakan yi rashin lafiya, kwalba takan fashe, littafi yakan ɓata ko gara ta ci shi, wani lokaci rashin tsaro ya sa a rufe tasha shekara da shekaru. Shi ya sa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, ta shimfiɗa sharuɗɗa a jagorar da ta fitar a 2017. Ba a fitar da matsakaicin zafin wata idan an rasa awon kwana 11 ko fiye a cikinsa, ko kuma kwana 5 a jere. Sannan sai an sami aƙalla kashi 80 cikin ɗari na shekarun, wato 24 cikin 30, kafin a fitar da matsakaicin tashar. A ɓangaren ruwa abin ya fi tsauri, domin jimilla ce: kwana ɗaya tak da aka rasa yana iya zama ranar da aka yi ruwan da ya cika kududdufan gari, kuma rashinsa zai rage jimillar watan sosai ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta barin gurbi a littafi. Tashar da aka kafa a bayan gari, shekara ashirin baya sai a tarar gidajen siminti da kwalta sun zagaye ta, dare ya daina yin sanyi kamar da. Ko a ɗauke ta a mayar wani wuri, ko bishiya ta girma ta tare wa mazurari ruwa. Masana sukan gano haka ta hanyar kwatanta tashar da maƙwabtanta. Idan ita kaɗai ta yi tsalle a wata shekara alhali sauran suna nan yadda suke, to ba sama ce ta sauya ba, a ƙasa matsalar take, kuma sai an gyara lissafin kafin a yi amfani da shi.

To me ya sa talatin, ba ashirin ko hamsin ba? A taron da ƙungiyar masana yanayi ta ƙasa da ƙasa ta yi a birnin Warsaw a 1935 aka amince da 1901 zuwa 1930 a matsayin zangon farko, kuma babban dalili shi ne ƙasashe da yawa iyakar ingantaccen awon da suke da shi ke nan a lokacin. Daga baya aka ga adadin ya yi daidai gwargwado: yana da tsawon da shekara ɗaya mai ambaliya ko fari ba za ta rinjaye shi ba, bai kuma yi tsawon da zai haɗa zamunnan da suka bambanta ƙwarai ba. Zafi ba ya yawan tsalle daga shekara zuwa shekara, don haka talatin ta ishe shi har da saura. Ruwan sama a ƙasa mai ƙarancinsa kuwa, sau da yawa talatin ɗin ma ta yi kaɗan.

Ga yadda matsakaici yake iya ruɗar mutum. A ce a wata tasha ta arewa, watan Maris bai ga ɗigon ruwa ba a shekara 27 cikin 30, amma a shekara uku an yi ruwan bazata na milimita 60 kowace. Jimilla 180, a raba da 30, matsakaici 6. Amma ba a taɓa yin Maris mai milimita 6 a wurin ba. Abin da aka fi gani shi ne babu ko kaɗan. Saboda irin wannan ne masu hasashen damina ba sa dogara da matsakaici shi kaɗai. Sukan jera shekaru talatin ɗin daga mafi ƙarancin ruwa zuwa mafi yawa, su raba gida uku, goma-goma. Goman ƙasa su ne "ƙasa da yadda aka saba", goman tsakiya "daidai", goman sama "fiye". Ke nan idan an ce damina za ta zarce yadda aka saba, ana nufin an fi sa ran ta faɗa ajin shekaru goma mafi ruwa na zangon. Ba a yi wa kowace gona alkawari ba, ba a kuma ce ruwan ba zai ɗauke na sati biyu bayan shuka ba.

Babu inda aka ga tasirin zaɓen zango kamar Sahel. Zangon 1931 zuwa 1960 ya ƙunshi shekarun 1950, waɗanda suka yi ruwa na ban mamaki. Zangon da ya biyo, 1961 zuwa 1990, ya haɗiye farin farkon shekarun 1970 da wanda ya kai maƙura a 1984. Tsakanin zangunan biyu matsakaicin ruwan shekara ya faɗi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a sassa da yawa na yankin, raguwar da ba kasafai aka ga irinta a wani yanki mai faɗi haka ba a ƙarnin da ya wuce.

A sake ɗaukar tashar ƙiyasi. A ce matsakaicinta na zangon farko milimita 850 ne, na biyu kuma 700. Sai aka yi shekara mai milimita 770. Wanda ya auna da zango na biyu zai ce damina ta yi kyau, ta ɗara da kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya auna da na farko zai ce ta gaza da kusan kashi 9. Ruwa ɗaya ne, kuma babu wanda ya yi ƙarya, kamar buhun gero ne da aka auna da mudun kasuwanni biyu. Wannan ba gardamar masana kawai ba ce. Wanda zai gina madatsar ruwa, ko ya haƙa magudana a gari, ko ya ba manoma shawarar irin da za su shuka, da wannan lamba yake aiki. Idan ya ɗauki ta zamanin yalwa, madatsarsa ba za ta cika ba. Idan ya ɗauki ta zamanin fari, magudanarsa za ta yi ƙanƙanta ranar da aka tsuge da ruwa.

A da sai bayan shekara talatin ake sabunta zangon a hukumance. Da ɗumamar duniya ta yi sauri, aka ga lamba takan tsufa tun ana amfani da ita: kusan kowane wata sai a ce ya fi yadda aka saba zafi, har maganar ta rasa amfani ga mai shirin gobe. A babban taron WMO na 2015 aka raba aikin gida biyu. Don harkokin yau da kullum, a riƙa sabuntawa duk shekara goma, shi ya sa aka tashi daga 1981–2010 aka koma 1991–2020. Don auna sauyin yanayi na dogon lokaci kuwa, a bar 1961–1990 a kafe. Shawarar ta yi ma'ana, domin ma'aunin da yake bin ɗumamar a baya yana ɓoye ta: kowane sabon zango yakan mai da zafin da a da ake mamakinsa abin da aka saba.

Shekarar 2024 ta nuna haka a fili. Cibiyar Copernicus ta Turai ta ce zafin duniya a shekarar ya ɗara matsakaicin 1991–2020 da digiri 0.72, amma ya ɗara na 1850–1900 da digiri 1.60. Wannan tsohon zangon, na kafin hayaƙin masana'antu ya yi yawa, shi ake amfani da shi idan ana maganar iyakar digiri 1.5 ta yarjejeniyar Paris. Hukumar NASA ta Amurka kuma da 1951–1980 take awonta. Mai karanta labari ya kamata ya duba ƙasan taswira ko jadawali, inda ake rubuta shekarun zangon da ƙananan haruffa, kafin ya kwatanta lamba da lamba.

Ga mutanen Sahel, komawa 1991–2020 ya zo da wani sauyi na musamman. Shekarun farin 1980 sun fita daga lissafi gaba ɗaya, saboda haka matsakaicin ruwa ya ɗaga a tashoshi da yawa, kuma daminar da za a kira "daidai" a hasashen shekarun baya tana iya faɗawa ajin "ƙasa" yanzu. Zango na gaba shi ne 2001 zuwa 2030, wanda ba za a iya lissafa shi ba sai an kammala awon Disambar 2030, kuma tashar da ta rasa fiye da shekara shida a cikinsa ba za ta cika sharaɗin ba.