Milejin Motar Kwatano: Yadda Ake Gane An Sauke Shi

Wanda ya je sayen motar tokumbo, da wuya ya gama zagaya ta bai nemi a murɗa makulli don ya ga mileji ba. Dillali ya san da haka, shi ya sa yakan riga mai saye magana: "Alhaji, duba da kanka, dubu saba'in kacal ta yi, wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita." Wannan lamba tana ɗaga farashi ƙwarai, amma a duk jikin motar ita ce abin da ya fi sauƙin canjawa. A zamanin mita mai gargare, sai an kwance ta an juya lambobin da hannu, kuma sau da yawa sukan fito a karkace su tona asiri. Yanzu da lambar ta koma ta lantarki, mai na'ura yana iya jona waya a ƙasan sitiyari, ko ya ciro mitar ya sake rubuta abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, ya mayar, ba tare da ya bar ko ƙwarzane ba.

Saboda haka kallon mita ba ya gaya wa mutum komai. Abin da ke aiki shi ne a nemo wani wuri dabam inda aka taɓa rubuta milejin motar, wurin da hannun mai saukewa bai kai ba. Ga motocin da suka fito daga Amurka da Kanada, waɗanda ke cike da wuraren sayar da motocinmu ta hanyar Legas da Kwatano, irin wannan wuri yana nan, mabuɗinsa kuwa lambar casis ce, wadda ake gani a takardu da sunan VIN.

Tun daga 1981 wannan lamba ta zama haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a saka I, O da Q a ciki don kada su rikice da 1 da 0. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Mutum ya kwafe ta da idonsa daga jikin motar, ya tabbatar wuraren biyu sun yi daidai da juna da abin da ke takardun kwastam. Kada ya dogara da wadda dillali ya turo masa ta waya, domin tana iya zama ta wata motar mai kama da ita.

Da wannan lamba ake sayen rahoton tarihin mota daga kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck. A can, sau da yawa idan aka kai mota canjin baƙin mai, ko gwajin hayaƙi, ko aka sauya mata mai ita, ana rubuta milejin ranar, kuma da yawa daga cikin waɗannan bayanai suna taruwa a rahoton. Akwai kuma hanya ta biyu da ba ta cin ko sisi. Yawancin motocin nan a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su, musamman Copart da IAA, kuma kafin gwanjo ana ɗaukar hotunan mota, har da na mita idan tana kamawa. Idan aka rubuta lambar casis a injin binciken intanet, sau da yawa hotunan kan fito a shafukan da ke adana tarihin gwanjo. Nan mutum zai ga mitar a ranar da aka buga ƙararrawa, ya kuma ga irin dukan da motar ta sha kafin fenti ya rufe.

Mu ɗauki misali don a ga yadda ake karatun. A ce Camry ce ƙirar 2012, mitarta na nuna mil 78,000. Rahoto ya fito da mil 41,000 a 2015, da 96,000 a 2018, da 152,000 a 2021, hoton gwanjo na 2023 kuma ya nuna 181,000. Ba a bukatar bakanike a nan. Mileji ba ya komawa baya, motar kuwa ta wuce 78,000 tun kafin 2018. An share mata sama da mil 100,000, kuma an yi hakan ne tsakanin filin gwanjo da inda take tsaye yanzu, tazarar da babu mai rubuta komai a cikinta. Wannan ne ma ya sa rahoton kansa ba zai ɗaga wata tutar gargaɗi ba. A wurinsa komai lafiya lau, lambobi suna hawa bi da bi har ranar da motar ta bar ƙasar. Mai saye ne zai gwama layin ƙarshe da abin da ke gabansa. Mutane da yawa suna tsayawa a shafin farko, su ga babu gargaɗi, su biya kuɗi.

Ko da babu rahoto, lissafin kai yana taimakawa. Motar gida a Amurka takan ci wajen mil 12,000 a shekara. Ƙirar 2012 da ta yi shekara 11 a can, abin da ake tsammani ya haura 130,000. Mai 78,000 tana iya kasancewa gaskiya, akwai masu ajiye mota a gareji, sai dai irinta tana da tsada tun a can, kuma mai ita ne ya kamata ya kawo hujja.

Sai a kula da mil da kilomita, don a nan ana yaudarar mutane ba tare da an taɓa mita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Motar Amurka da mil take ƙirga, ta Kanada da ta yawancin ƙasashen Turai da kilomita. Idan dillali ya nuna 100,000 a motar Amurka ya ce kilomita ne, ya rage kusan kilomita 61,000 da fatar baki kawai. Waccan Camry mai mil 181,000, a ma'auninmu ta haura kilomita 290,000. A duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar, a kuma tabbatar ODO ake kallo, domin TRIP A da TRIP B na gajeruwar tafiya ne, kowa na iya share su da yatsa.

Rahoto ma yana da iyakarsa. Abin da aka kai masa kawai yake ɗauke da shi, don haka motar da mai ita ke canja baƙin mai a ƙofar gidansa tana iya yin shekaru ba a rubuta mata komai ba. Wanda dillali ya buga ya ajiye a aljihun mota kuwa, a ganina bai cancanci a karanta ba, tunda gyara lamba a takarda ya fi gyara ta a mita sauƙi. Mai saye ya nemi nasa da kansa. Idan a bayanan gwanjo aka ga Not Actual, ma'anarsa tun a can ba a yarda da lambar ba. Exempt kuma na nufin motar ta tsufa har doka ta daina tilasta bayyana milejinta, abin da ya shafi ƙirar 2010 zuwa baya. Daga ƙirar 2011 an tsawaita wajabcin zuwa shekara 20. Motocin Turai nasu tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Baljiyam, wadda sunanta ya bi tokumbo har yau, tana da takardar Car-Pass mai jera milejin mota da kwanan wata, Holan kuma tana da NAP, don haka yana da kyau a tambaya ko takardar ta biyo motar.

Idan tarihi ya ƙi samuwa, sai a koma ga ƙwaƙwalwar motar. Gwanin sikana zai jona na'urarsa a soket mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, ya leƙa akwatunan da ke sarrafa inji da giya da birki. A wasu motoci, musamman na Jamus irin su Marsandi da BMW, ana ajiye mileji a wuri fiye da ɗaya, wani lokaci kuma matsalar da aka taɓa samu tana ɗauke da milejin da ta faru a kai. Mai gaggawa yakan gyara mita ya manta da sauran. Idan mita ta ce 90,000, akwatin giya kuma ya tuna wata matsala a 170,000, zance ya ƙare. Amma a yi hattara da cika bakin masu sikana. Tsofaffin Toyota da Honda da yawa a mita kaɗai suke riƙe lambar, saboda haka in na'ura ba ta ga komai ba, ba ta wanke motar ba. Ƙaramar sikanar nan ta waya ma ba ta kaiwa ga waɗannan akwatuna.

Saura jikin motar, wanda shaidarsa ta taru ce, guda ɗaya ba ya yanke hukunci. Fara da takardun da aka manta ba a ɓare ba. Masu canjin baƙin mai a Amurka suna manna 'yar takarda a kusurwar gilashin gaba mai nuna milejin da za a dawo, ana kuma samun irinta a ginshiƙin ƙofa, ko rasit a aljihun mota. A injunan da ke amfani da bel ɗin taimin, kamar V6 na Honda da tsohon V6 na Sienna da Highlander, akan canja shi a wajen mil 90,000 zuwa 105,000, a rubuta milejin a takarda a manna a kan murfin inji. Motar da ke da'awar 60,000 ga kuma irin wannan takarda a jikinta, ta faɗi da bakinta.

Daga nan a dubi inda jikin direba ke gogawa: robar fedar birki da ta siɗe har ƙarfe ya leƙo, sitiyarin da ya yi santsi yana ƙyalli, gefen kujerar da ya lotsa, rubutun maɓallan gilashi da ya goge. Mil 70,000 ba sa yin wannan ɓarnar. Sabon abu ma abin tambaya ne, domin sabuwar robar feda da sitiyarin da aka yi wa sabuwar riga a motar da ta shekara goma, wani ne ya ga akwai abin ɓoyewa. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wannan ya fi amfani ga motar da ba ta tsufa ba: mai shekara uku da ke nuna mil 20,000 ya kamata tayoyinta na asali su kasance a ƙafarta, duk kamfani ɗaya, masu kwanan watan da ya yi kusa da na ƙirar motar.

Akwai lokacin da lamba ba ta yi daidai ba kuma babu mugun nufi. Mita takan mutu a sa wata ta hannu, ta zo da milejin motar da aka ciro ta. Dokar Amurka ta ce in hakan ta faru kuma ba a iya daidaita lambar ba, a manna sanarwa a ginshiƙin ƙofar direba mai ɗauke da tsohon mileji da ranar canji. Corolla da Matrix na tsakanin 2003 da 2008 kuwa an san mitarsu da tsayawa cak a 299,999, wanda shi ma yakan sa a canja ta. Ko da gangan aka yi ko bisa larura, lissafin mai saye ɗaya ne: ya yi ciniki a kan mileji mafi girma da ya gani a rubuce, ya kuma ware kuɗin bel ɗin taimin, man giya, fulogi da gyaran ƙafa, waɗanda lambar bogin ta nuna kamar lokacinsu bai yi ba.