Sirrin zare: me ya sa baba ke kama auduga, ya ƙi roba?

Duk wanda ya leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano zai ga farin ƙyallen auduga ake tsomawa. Dalilin yana cikin zaren. Auduga daga tsiro take, zarenta yana shan ruwa ya kumbura, sai ruwan baba ya kutsa ciki. Da an ɗago ƙyallen iska ta buge shi, launin ya juye daga kore zuwa shuɗi, ya maƙale a cikin zaren.

Yadin roba, wato foliyesta, daga man fetur ake yinsa, danginsu ɗaya da gorar ruwan sha. Zarensa a matse yake, ba ya shan ruwa, baba sai dai ya ɗan taɓa samansa. A masana'anta sai an dafa shi da rini na musamman a zafin digiri 130 kafin ya kama. Shi ya sa ba ya zuba, ba ya kuma tsukewa.

Auduga kan ɗan tsuke a wankin farko, domin an ja zarenta wajen saƙa. Ulu ya fi muni: gashin tumaki ne mai ƙananan ɓawo, ruwan zafi da cuɗa sukan sa su sarƙe, rigar ta ƙanƙance har abada.

In kana shakkar yadi, zare silili ka kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, ya mutu da kansa. Roba narkewa take yi ta dunƙule, kuma haka take manne wa fata. Kada a shiga kicin da mayafinta.